Randa ko rijiya: da wane suna za mu kira kash, debi da famwaya?

Ƙanena yana da ƴar rumfar gyaran salula a gefen Babbar Kasuwar Yamai: tebur ɗaya, tsohuwar ordinater ɗaya, sai yaro ɗaya mai koyon aiki. Can nakan je ranar Asabar in sha shayi, in saurari yadda Hausa da Faransanci ke kokawa a bakin mutanenmu. Wata Asabar wata dattijuwa ƴar Tawa ta kawo wayarta, ta ce ta cika, ko hoto ta daina ɗauka. Ƙanena na tsakiyar liƙa gilashin wata wayar, bai ko ɗago kai ba ya ce wa yaron: "Share wa Inna ma'ajiyar."

Yaron ya shiga manhajar da ta fi cin wuri, wadda Inna ke hira da ɗanta na Agadas a cikinta, ya tarar da maɓalli biyu kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya an rubuta Vider le cache, ɗayan Effacer les données. Ya latsa na biyun, don shi ya fi kama da abin da maigidansa ya faɗa. Manhajar ta dawo fayau kamar yau aka sa ta, tana neman lambar waya. Inna ta leƙa, ta ce: "Ɗana, ina muryoyin yaron nan?" An sha wahala aka maido da abin da ke cikin tsohon kwafin ajiya, amma saƙonnin kusan mako biyu sun tafi ke nan.

Yaron bai yi ganganci ba, ƙanena kuma Hausa mai kyau ya yi. Kalmar ce ta yi faɗi, ta haɗiye abu biyu da bai kamata a haɗa ba. Tun ranar na daina auna kalmomin kwamfuta da cewa wannan tamu ce, waccan ta aro ce. Abin da nake tambaya shi ne: in mutum ya ji kalmar, wane maɓalli yatsansa zai nufa?

Mu fara da kash, wato cache ɗin nan na kan maɓallin farko, don a kanta aka yi ɓarnar.

Duk gidan da ba famfo a Yamai yana da randa. Mai ga-ruwa ya kawo, a zuba, duk mai jin ƙishi ya ɗiba nan kusa, ba sai an koma rijiya ko famfon unguwa don kofi ɗaya ba. Aikin kash ke nan. Abin da na'ura ta taɓa ɗaukowa daga nesa, takan ajiye kwafinsa a kusa, don in an sake nema kada ta sake doguwar tafiya. Hoton fuskar abokinka da ke fitowa nan take duk lokacin da ka buɗe manhaja, ko da rezo ya ɗauke, daga randa yake fitowa. Asalinsa na can a wata babbar na'ura, wataƙila a wata nahiyar.

Abu biyu ne ke biyo baya, kuma duk kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauke su. Na farko, zubar da randa ba asara ba ce, tunda rijiya na nan. In ka share kash, abin da za ka biya kawai shi ne ɗan jinkiri da ƴan megogi lokacin da wayar ke sake cika ta. Na biyu, ruwan randa kan kwana. Shafi na iya sauyawa a can, kai kuma wayarka na ta nuna maka na jiya. Mai shafin ne ke gaya wa wayarka tsawon lokacin da za ta amince da kwafin, da layi irin wannan da ke tafe tare da shafin ba tare da ka gan shi ba:

```
Cache-Control: max-age=3600
```

Wato daƙiƙa 3600, awa ɗaya cur. A cikin awar nan ko an sauya shafin, manhajar buɗe shafuka na da damar ba ka tsohon ba tare da ta tambayi kowa ba. Shi ya sa mutum biyu ke zaune benci ɗaya suna duba jerin sunaye ɗaya, wannan ya ga sabo, wancan ya ga tsoho, har su yi musu. A kan ordinater, latsa Ctrl da F5 tare yakan tilasta mata ta koma rijiya.

Akwai kuma wani kash ɗin a can cikin ƙwaƙwalwar na'urar, wanda masu sana'a ke kira L1, L2 da L3. Shi ba maɓallin share shi, kuma ba ruwan mai waya da shi. Ƙaraminsu bai wuce ƴan gomman kilo ba, amma ɗauko abu daga cikinsa ya fi ɗaukowa daga RAM, inda na'ura ke shimfiɗa aikin da take kan yi, sauri ninki gommai. A kansa ma aka fara amfani da kalmar a harkar kwamfuta, a 1968, lokacin da kamfanin IBM ya fito da na'urarsa System/360 Model 85. Kalmar kanta Bafaranshiya ce, daga aikatau mai nufin ɓoyewa. Turancin Ingilishi ya are ta tun da daɗewa daga mafarautan Kanada masu jin Faransanci, waɗanda ke binne guzuri a hanya don su tarar da shi in sun dawo.

Daga wannan asalin ne wasu ke cewa mu fassara ta kai tsaye, mu ce maɓoya. Na gwada a rumfar. Na ce wa wani ɗan kabu-kabu za a share masa maɓoyar waya, sai ya riƙe wayarsa gam, ya ce ba abin da ya ɓoye. Kalmar ta bi asali, ta saki ma'ana. Babu sirri a kash, kusanci ne kawai.

Ma'ajiya kuwa mun ga abin da ta haifar. A kunnen Bahaushe ma'ajiya wurin kaya mai daraja ce, inda ake sa abin da ba a son ya ɓata. Ta dace da wurin da hotuna da saƙonni ke zaune, wato daidai abin da maɓalli na biyu ke gogewa. In an ƙara mata jela aka ce ma'ajiyar wucin gadi, ma'anar ta gyaru, kuma a littafin makaranta ba zan ƙi ta ba. Sai dai kalma uku ce, a bakin mai aiki kuwa jela ce ke fara faɗuwa. Da rana ta take, mutum biyar na jira, ma'ajiyar wucin gadi za ta koma ma'ajiya, mu koma gidan jiya. Ban da haka, RAM ma ma'ajiyar wucin gadi ce, tunda da an kashe na'ura abin cikinta ke bajewa. Suna ɗaya ya sake hawa kan abu biyu.

Saura ta aro: kash. Tana da nata aibin, har da na ban dariya. Kash dai abin da muke faɗi ne in abu ya ɓaci, kuma maƙwabtanmu na Najeriya na kiran tsabar kuɗi da sauti iri ɗaya. Amma Hausa ta saba da irin wannan. Ba wanda ya taɓa zuwa sayen garin tuwo aka miƙo masa garin Tawa. In aka ce share kash, ba mai zaton kuɗi ake nufi. Abin da ya fi min muhimmanci shi ne kalmar na rubuce a kan gilashin wayar. Mai wayar Faransanci zai ga Vider le cache, mai ta Ingilishi zai ga Clear cache. Ko yaron da bai yi nisa a lakwal ba, in ya ji kash, idonsa zai kama haruffan nan biyar. Faransawa da kansu, duk da kishin harshensu, sun ƙirƙiro wata kalmar, antememuwar, suka sa ta a ƙamus. Ban taɓa jin ta a bakin mai gyara ba, kuma ba ita ke kan maɓallin ba.

Don haka a nan ina bayan aro. Sunan ya zama kash, randa ta zama abin bayani.

Kada a ɗauka na yanke wa ƙirƙira hukunci gaba ɗaya. Tana da wata hujja mai ƙarfi wadda mu ƴan Nijar muka fi kowa sani. Hausa ɗaya ce, amma rijiyar aronta biyu ce. Mu muna cewa rezo, a Kano su ce sabis. Mu sarje, su caji. Mu ordinater, su kwamfuta. Mu forfe, su data. Ɗan Birnin Ƙonni da ke tsallakawa Illela kasuwa yana riƙe da duka biyun a baki, amma ɗan Yamai da ɗan Zariya sai sun tsaya yi wa juna fassara. Kalmar da aka gina daga cikin gida ita ce ke tsallake iyakar ba fasfo. Manhaja misali ce: a da tsarin karatun makaranta take nufi, aka ɗora mata sabon kaya, ta ɗauka, yau ana jin ta a rediyo nan da can. Yanar gizo ma haka. Kuma tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, dole wata rana wasu su zauna rubuta littafin koyon kwamfuta da Hausa. Za su tarar kash ta yi sa'a ne kawai, don bakin Faransa da na Ingila sun haɗu a kanta. Kalma ta biyu ba ta yi wannan sa'ar ba.

Ita ce wadda shafin saitin akwatin wifi ke rubutawa Bandwidth, ko Bande passante in Faransanci ne. Bandiwis ko band pasant, ba wadda ta zauna a bakin kowa a kasuwa. Abin da mutane ke faɗi shi ne rezo ba ƙarfi, ko konekisiyon ta yi nauyi, sai masu sana'a su ce debi. A tsakiyar duk wannan akwai kalma ɗaya da ke rikita lissafi, wato mega.

Mega biyu ne. Wanda kake saye a forfe, mai alamar Mo, yawan kaya ne, kamar buhunan da ke cikin sito. Wanda ake rubutawa Mbit/s kuwa yawan abin da ke iya wucewa ne cikin daƙiƙa ɗaya. Kuma mudun ba ɗaya ba ne: Mo ɗaya daidai yake da Mbit takwas. Ga lissafin da na yi wa wani mai sayar da tikitin wifi a unguwarmu, wanda ke rantsuwa an cuce shi. Ya ce an ba shi layin mega goma, amma bidiyo mai mega arba'in ba ya sauka cikin daƙiƙa huɗu. Ba zai sauka ba. Mo 40 sau takwas ya zama Mbit 320. A raba da goma, daƙiƙa 32, in shi kaɗai ne a kan layin kuma komai na tafiya daidai. Da yamma kuwa samari goma ne a gindin bishiyarsa, kowa na jan nasa. Rabon kowa ya koma kusan Mbit ɗaya a daƙiƙa, bidiyon nan ya ɗauki daƙiƙa 320, minti biyar da daƙiƙa ashirin. Ba wanda ya cuce shi. Hanyar ce ta cika.

Hanya, kun ji. Kalmar na nan a bakinmu tuni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Kennedy da safe ya san cewa gudun mota daban, faɗin gada daban. Shi ya sa nake ganin faɗin hanya ta isa ta ɗauki wannan ma'anar: iyakar abin da layi zai iya ɗauka. Debi kuma, wadda muka riga muka ara, a bar ta ga abin da ke wucewa a zahiri a wannan lokacin, tunda dama da ita ma'aikatan ruwa ke auna zubar famfo. Ƙarfin rezo shi ne na uku, kuma shi kaɗai sandunan nan na saman waya ke nunawa: yadda muryar eriya ke isowa gare ka. Rarrabe ukun na da amfani a aikace. In sanda ɗaya ce, ka fita tsakar gida ta ƙaru, abu ya gyaru, matsalar ƙarfi ce. In sanduna sun cika amma abu na jan ciki bayan isha'i, da asuba kuma yana gudu, hanya ce ta cushe, ko ka hau soro ba abin da zai sauya.

Na ga masu rubuta faɗin zango, kuma ba daga sama suka ɗauko ta ba. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango tun zamanin iyayenmu. Kalmar ta yi daidai da ma'anar farko, ta injiniyoyi, wato faɗin yankin da aka yanka wa tasha a cikin iska, wanda ake aunawa da hez. Tashar GSM guda kilohez 200 ce, ta 4G kan kai megahez 20. To a nan faɗin zango ba ta da na biyu. Kuskuren shi ne a jawo ta zuwa lissafin mai wifi, inda ba zangon da ake magana. Ingilishi ya cusa ma'ana biyu cikin kalma ɗaya, ba dole mu gaji cunkosonsa ba alhali muna da kalma biyu a hannu.

Ta ukun ta fi wuya, kuma ban gama gamsuwa da kaina a kanta ba. Firmware, kamar yadda ake gani a shafin akwatin wifi ko na dikoda, wato famwaya a bakinmu, wani Ba'amurke mai suna Ascher Opler ne ya ƙirƙiro ta a 1967 cikin mujallar Datamation. Wasa ya yi da kalmomin harshensu: akwai kaya mai tauri, wato ƙarfen na'ura, akwai mai laushi, wato manhaja, sai ya sa wannan a tsakiya. Wasan ba ya fassaruwa. In ka ce manhaja mai ɗan tauri, dariya za a yi. Faransawa sun bi ta wata hanyar suka ce mikrolojisiyel, ƴar ƙaramar manhaja, wanda shi ma bai faɗi gaskiyar abin ba, tunda na wayar yau kan kai jiga biyu ko fiye.

Abin da take nufi shi ne manhajar da masana'anta ta dasa a jikin na'urar, wadda ke tashe ta, ta koya mata yadda za ta yi magana da gilashinta da batirinta da eriyarta kafin kowace manhaja ta buɗe. A rumfa ba mai kiran sunanta, aikin ake kira: a filashe. Kalmar ta fito ne daga sunan irin ƙwaƙwalwar da ake rubuta ta a ciki, kuma ga wani ikon Allah, a Najeriya ma filashin suke cewa. Aikatau ya zauna daram, ba mai tumɓuke shi.

Rashin sunan ne ke sa mutane haɗa filashe da formate, alhali tsakaninsu akwai nisa. Formate sharar ɗaki ce: kayan mai waya su tafi, ginin na nan. Filashe kuwa sake zuba harsashi ne. In aka zuba na wani samfurin, ko da sunan wayar ɗaya ne amma lambar allon cikin ta bambanta, gilashi na iya yin fari fat ko ya daina jin yatsa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wanda a Yamai lokacin zafi ba labari ba ne, wayar na iya ƙin tashi sam. Akwai kuma tarkon da ƙanena ke gargaɗin yaronsa a kai kullum. Manhajar da suke filashe wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek da ita, SP Flash Tool, tana da zaɓi mai suna Download Only da wani mai suna Format All + Download. Na biyun na share har da ɗan sashen da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ke zaune. Waya za ta tashi lafiya lau, ta yi kyau, amma ta ƙi kama rezo. In ka buga *#06# ka ga lambar ta ɓace ko an ce ba ta da inganci, to abin da ya faru ke nan.

Mai waya da ya san cewa akwai wani abu a ƙarƙashin manhajojinsa, wanda taɓa shi ke da irin wannan haɗarin, zai yi tambaya kafin ya miƙa. Don haka sunan na da aiki. Famwaya ba ta gaya wa Inna komai, ga shi ƙarshenta na kama da waya, har wani ya taɓa tambayata ko wata irin waya ce sabuwa. Ni manhajar tushe nake cewa, don manhaja ta riga ta zauna, tushe kuma kowa ya san ba a girgiza shi a banza. Raunin ta shi ne wani zai iya ɗauka Android ɗin kansa ake nufi, kuma a gaskiya a wayar zamani iyakar ta dushe, tunda fayil ɗin da ake filashewa ya haɗa duka biyun. A dikoda da akwatin wifi da injin buga takarda ta fi zama daidai. Ƙanena ya ce shi dai famwaya zai ci gaba da bugawa in yana neman fayil, don ba inda zai rubuta manhajar tushe a ba shi abin da yake so. Ban musa masa ba.

Yanzu akwai wani guntun kwali manne a jikin rumfar, da rubutun hannun yaron. Layin sama: kash, randa, a zubar. Na ƙasa, na maɓallin données: done, rijiya, a tambayi maigida. Asabar ɗin da ta wuce wani tsoho ya kawo wayarsa ta cika, yaron ya duba ya ce: "Baba, randar ce za mu zubar, ba abin da zai taɓa hotunanka." Tsohon ya gyara zaman rawaninsa, ya ce a zubar, amma a bar masa wayar nan kan tebur inda idonsa ke gani.